Yadda Gajeren Labari Ke Dawo da Walwalar Matar Mamaci: Nazarin "Dushechka" na Anton Chekhov

A cikin nau'o'in gajeren labari akwai wanda ke bin sawun matar da mijinta ya rasu, tun daga lokacin da gida ya yi mata faɗi har zuwa ranar da ta sake jin daɗin wayewar gari. Irin wannan labari ba ya dogara da wani gagarumin al'amari, kamar gado mai yawa ko sabon miji mai arziki. Kayan aikinsa su ne ƙananan hidimomin yau da kullum: dafa shayi, zuwa kasuwa, gyaran ɗaki, tashin yaro daga barci. Wahalar rubuta shi ita ce waɗannan hidimomi ba su da armashi a kan kansu, kuma sauyin da ake son nunawa yana faruwa ne a cikin zuciya, inda ido ba ya gani. Ɗaya daga cikin labaran da suka fi iya warware wannan matsala shi ne "Dushechka" na marubucin ƙasar Rasha Anton Chekhov, wanda masu karanta Ingilishi suka sani da suna "The Darling".

Marubucin da labarin

An haifi Chekhov a garin Taganrog a shekarar 1860, ya karanci aikin likita a Mosko, ya rasu a 1904. An fara buga wannan labari a watan Janairun 1899 a wata mujalla mai suna Semya. Sunan labarin laƙabin ƙauna ne da mutanen gari ke kiran jarumar da shi, saboda taushin halinta da yawan fara'arta. Sunanta Olga, amma a cikin labarin ana ce mata Olenka. Tana zaune a gidan da ta gada daga mahaifinta a gefen wani gari, kuma a farfajiyar gidan akwai ƙaramin sashe da ake ba 'yan haya. Kusan komai a wannan gida yake faruwa, kuma a cikin 'yan shafuka kaɗan labarin ya ratsa shekaru masu yawa na rayuwarta.

Rasuwa biyu da rabuwa ɗaya

Mijin Olenka na farko shi ne Kukin, mai kula da wani dandalin nishaɗi da wasan kwaikwayo da ake kira Tivoli. Bayan aurensu ita ce ke zama a wurin sayar da tikiti, tana rubuta abin da aka kashe, tana biyan albashi. Ba a jima ba duk hirarta ta koma ta wasan kwaikwayo, tana maimaita ƙorafin mijinta cewa jama'a ba su san darajar fasaha ba. A lokacin azumin Kiristoci Kukin ya tafi Mosko neman 'yan wasa. Ana saura kwanaki kaɗan bikin Ista, cikin dare, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar gida da ƙarfi. Talgiram ne aka kawo, ɗauke da labarin mutuwarsa.

Bayan wata uku, tana dawowa daga coci cikin baƙaƙen tufafin makoki, wani maƙwabcinta mai suna Pustovalov, manajan wurin sayar da katako, ya rako ta gida yana ba ta haƙuri. Daga nan aure ya biyo baya. A wannan karon ofishin katako take zama, tana rubuta lissafi, tana sallamar kaya, tana kukan tsadar katako da kuɗin dako, har mafarkin tulin katako take yi. Wasan kwaikwayon da ta ɗauka da daraja a da, yanzu cewa take yi ba su da lokacin shirme. Sun shekara shida cikin lumana, da ibadarsu a ƙarshen mako, da shayinsu, da zuwa gidan wanka sau ɗaya a mako. Wata rana da hunturu ya sha shayi mai zafi ya fita ba hula, sanyi ya kama shi, ya yi jinyar wata huɗu ya rasu.

Olenka ta kulle kanta, ba ta fita sai coci ko kabarin mijinta. Sai bayan wata shida ta buɗe tagogin gidan. Daga nan aka fara jin tana maganar annobar shanu da rashin duba lafiyar dabbobi a gari, mutane suka gane cewa ta shaƙu da Smirnin, likitan dabbobi na soja da ke haya a gidanta, wanda ya rabu da matarsa. Wannan ma bai daɗe ba, domin an ɗauke rundunarsu zuwa wani wuri mai nisa ƙwarai, ya tafi ya bar ta.

Wannan maimaicin yana da aiki a cikin ginin labarin. Kafin a kai ga sashen da ya fi muhimmanci, mai karatu ya riga ya ga abu ɗaya sau uku: idan Olenka tana da wanda take yi wa hidima, ranarta tana da tsari, bakinta yana da abin faɗa. Idan aka ɗauke mutumin, tsarin yakan tafi da shi. Mai karatu ya kuma saba da cewa takan warware da wuri, don haka idan aka zo inda ta kasa warwarewa, yakan ji nauyin abin.

Yadda aka zana shekarun kaɗaici

Chekhov bai ɓata shafuka yana cewa tana baƙin ciki ba. Ya nuna halin da take ciki ta abubuwa huɗu da za a iya gani.

Na farko shi ne fuskokin mutanen titi. A da duk wanda ya gamu da ita sai ya yi mata murmushi, wasu ma su kama hannunta. Yanzu ta rame, kyanta ya dusashe, masu wucewa ba sa ko ɗaga kai su dube ta. Na biyu shi ne gidan kansa. Bango ya yi duhu, rufi ya yi tsatsa, rumfa ta karkace, ciyawa ta cinye farfajiya, alhali gari yana ta faɗaɗa, har an yanka sababbin tituna a inda Tivoli da wurin katako suke a da. Na uku shi ne wata baƙar kyanwa mai suna Bryska, wadda ke zuwa tana goga jiki da ita, ita kuwa tana kore ta, domin ba irin wannan shaƙuwa take nema ba. Na huɗu, wanda labarin ya ce ya fi kowanne muni, shi ne rasa ra'ayi. Tana ganin kwalba a ajiye, ko ruwan sama yana zuba, ko baƙauye yana wucewa da amalanke, amma ba ta iya cewa komai game da su. Duk abin da kukunta Mavra ta faɗa, shi ke nan.

Abin lura a nan shi ne cewa ko a waɗannan shekaru Olenka tana da abubuwan da take yi kullum. Tana ci, tana sha, ko da yake kamar dole aka yi mata. Da zafi takan zauna a bakin ƙofa, da hunturu takan zauna a taga tana kallon dusar ƙanƙara. Maimaita abu kullum bai warkar da ita ba. Wannan yana gyara wani kuskure da masu rubuta irin wannan labari ke yawan yi, wato su ɗauka cewa da zarar an ba jaruma tsintsiya da tukunya, farin ciki zai biyo baya. A wajen Chekhov, hidimar da ba a yi wa kowa ita, kuma ba a jiran wani sakamako daga gare ta, zaman jiran dare ce kawai.

Juyin labarin

Wata ranar zafi a watan Yuli, da yamma, lokacin da ake koro shanun gari ƙura ta turnuƙe farfajiya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Smirnin ne ya dawo, da furfura, cikin kayan farar hula. Ya bar aikin soja, ya shirya da matarsa, yana neman wurin zama domin ya sa ɗansa a makaranta. Mai karatun da ya saba da salon labarin zai zaci soyayya ce za ta sabunta, amma ba ta nan aka bi ba. Olenka ta ba su babban gidan kyauta, ita ta koma ƙaramin sashen 'yan haya. Washegari aka fara fentin rufi da shafe bango, ita kuwa tana tsaye riƙe da ƙugu tana ba da umarni.

Yaron, Sasha, yana cikin shekararsa ta goma, ɗan gajere ne mai kumari. Shigarsa ke da wuya ya bi kyanwar da gudu, dariyarsa ta cika gidan. Da dare yana bitar darasi, ya karanta ma'anar tsibiri da ƙarfi, Olenka ta maimaita bayansa. Labarin ya bayyana cewa wannan ita ce magana ta farko da ta faɗa da tabbaci bayan shekarun shiru. Magana ce ta littafin firamare, abin dariya ma a bakin babbar mace, amma ita ce alamar farko cewa duniya ta sake samun ma'ana a wajenta.

Daga baya uwar yaron ta tafi Kharkov wajen 'yar'uwarta ba ta dawo ba. Uban kuma yakan fita duba garken shanu, wani lokaci ya kwana uku bai dawo ba. Olenka ta ga kamar an yi watsi da yaron, ta ɗauko shi ta gyara masa ɗaki a sashenta.

Rana ɗaya a madadin wata shida

Sashen ƙarshe shi ne ainihin darasin. Labarin ya tsallake wata shida a jimla guda, sannan ya kawo rana ɗaya daga asuba zuwa dare, wadda ke wakiltar sauran ranakun. A nan salon bayani ya sauya daga ba da labarin abin da ya wuce zuwa faɗin abin da ke gudana kullum. Mai rubutu da Hausa yana da hanya mai sauƙi ta yin haka, wato siffar sabo ta "takan" da "yakan", wadda ke tattara kwanaki da yawa a aiki ɗaya.

Kowace safiya Olenka takan shiga ɗakin Sasha ta same shi yana barci, hannu a ƙarƙashin kunci, ta ji tausayin tashinsa, amma dole ta tashe shi. Yakan wanke fuska, ya sa kaya, ya yi addu'a, ya sha shayi kofi uku da burodi. Yakan tashi da ɗan fushi saboda barci bai sake shi ba. Ita kuwa takan yi masa faɗan bai haddace darasinsa da kyau ba, tana dubansa kamar mai shirin doguwar tafiya, shi kuma ya nuna mata ta dame shi. Idan ya fita da babbar hularsa da jakar littattafai a baya, takan bi shi a hankali, ta kira sunansa, ta danƙa masa dabino ko alewa a hannu. Idan sun kai titin makaranta, kunya takan kama shi don kada a gan shi da wata doguwar mace mai jiki tana binsa, sai ya ce ta koma gida, zai ƙarasa shi kaɗai. Takan tsaya tana kallonsa har ya shige.

Daga nan takan nufi kasuwa, tana ba mutane labarin wahalar karatun zamani: an ba ɗan aji ɗaya hadda, da fassarar Latin, da lissafi, duk a rana ɗaya. Ƙarfe uku sukan ci abinci tare. Da dare sukan yi aikin gida na makaranta, har su yi kuka tare idan ya gagara. Idan ta kwantar da shi takan daɗe tana yi masa addu'a, sannan ta kwanta tana tunanin ranar da zai zama likita ko injiniya, da gidansa da iyalinsa.

Ana gane cewa walwala ta dawo ne ta abubuwa huɗun da aka auna kaɗaicinta da su. Gidan da ya yi tsatsa ya sha fenti. Bakin da ya rasa abin faɗa ya cika da zancen malamai da littattafai. Fuskarta ta yi ƙuruciya, mutanen titi sun koma yi mata murmushi suna tambayar lafiyarta. Kyanwar da take kora a da, yanzu a gefenta take kwana. Babu wani sabon abu da aka shigo da shi don tabbatar da sauyin. Tsofaffin abubuwan ne aka sake kawowa, aka bar mai karatu ya kwatanta da kansa. Wannan dabara ita ce ke sa a yarda da labari, domin mai karatu yakan fi amincewa da abin da ya gano da kansa fiye da abin da aka gaya masa.

Akwai kuma halaye uku da suka bambanta hidimar wannan sashe da zaman bakin ƙofa na shekarun baya. Tana da lokaci tsayayye, domin makaranta ba ta jira, dole a tashi. Tana fitar da Olenka daga gida, ta haɗa ta da mutane. Sannan tana fuskantar gobe, domin kowane darasi mataki ne zuwa ga girman yaron.

Tsoron da bai tafi ba

Labarin bai rufe da cikakken kwanciyar hankali ba. Cikin dare aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi. Olenka ta farka a firgice, numfashinta ya ɗauke, hannu da ƙafa suka yi sanyi. Abin da ya faɗo mata shi ne talgiram ne daga Kharkov, uwar yaron ta aiko a kai mata ɗanta. Can sai ta ji murya, ashe likitan dabbobi ne ya dawo daga kulob. Ta gode wa Allah, zuciyarta ta lafa, ta koma ta kwanta. A ɗaki na kusa Sasha yana barci, yana sambatun faɗa da wani a mafarki, kuma a nan labarin ya tsaya.

Wannan ƙwanƙwasa tana komawa ga wadda ta kawo labarin mutuwar Kukin. Tana nuna cewa wanda ya taɓa rasa nasa, jikinsa ba ya mantawa, ko da fuskarsa ta koma fara'a. Tana kuma tuna wa mai karatu cewa yaron ba nata ba ne, kuma mafarkinsa ma ba ita yake gani ba. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun bayyana makamancin wannan. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut suka gabatar da bayanin cewa mai jimamin rashi yakan yi ta kai da kawo tsakanin fuskantar rashin da fuskantar sabuwar rayuwa, ba tafiya yake yi a miƙe daga baƙin ciki zuwa farin ciki ba. Labarin da jarumarsa ta warke sarai a shafin ƙarshe, ba tare da ko gilmawar tsohon ciwo ba, ya kauce wa yadda abin yake a zahiri.

Saɓanin masu sharhi

Tun fitowar labarin ake jayayya a kan ko abin da Olenka ta samu farin ciki ne na gaske. Leo Tolstoy ya so labarin ƙwarai, yakan karanta wa baƙinsa shi da baki. Bayan rasuwar Chekhov ya sa shi a cikin wani kundin karatu da ya haɗa, ya rubuta masa sharhi. A ganinsa Chekhov ya tashi ne da niyyar yi wa irin wannan mace ba'a, amma ya ƙare da ɗaukaka ta, kamar Bal'amu na littafin Attaura wanda aka ɗauko ya la'anci jama'a sai ya sa musu albarka. Maxim Gorky kuwa ya ɗauke ta a matsayin mace mai son da ya kai ga bauta, wadda ba ta da tunanin kanta.

Kowane ɓangare yana da hujja a cikin labarin. Gaskiya ne ra'ayoyinta kan makaranta na Sasha ne take maimaitawa, kamar yadda ta maimaita na mazan baya. Amma gaskiya ne kuma cewa a wannan karon ita ce ta yanke shawara: ita ta ba da gida, ita ta ɗauko yaron, kuma ba ta samun komai a madadin hidimarta sai ƙorafin ɗan makaranta. Labarin da kansa ya ce babu wata shaƙuwarta ta baya da ta kai wannan zurfi da rashin son kai. Iyakar labarin ita ce bai nuna matar da ta samu walwala daga sana'arta ko iliminta ko ibadarta ita kaɗai ba. Wannan fili ne da ya bar wa wasu marubuta.

Inda marubucin Hausa zai bambanta

Wanda zai rubuta irin wannan labari a ƙasar Hausa zai tarar al'ada ta riga ta shata masa lokaci. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma a gidaje da dama akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, waɗanda ke nuna yadda masu gaisuwa ke raguwa har gida ya yi shiru. Matar mamaci a nan ba kasafai take zama ita kaɗai da kuku irin na Olenka ba. Akwai 'ya'ya, da abokan zama, da dangin miji, da rabon gado, da tambayar inda za ta zauna bayan fita takaba, da batun abin da za a ci. Marubuciyar Senegal Mariama Bâ ta gina littafinta "Une si longue lettre" na 1979 a kan wannan lokaci, inda wata malamar makaranta a Dakar ke rubuta doguwar wasiƙa ga ƙawarta tana cikin takaba. Tun daga 2016 kuma gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ta buɗe wa mata fagen gajeren labari, inda ƙarancin kalmomi ke tilasta irin tsimin da Chekhov ya yi.

Kayan aikin za su sauya, dabino da shayi su koma kokon safe, ko suyar ƙosai, ko raka yaro makarantar allo, amma ma'aunin ɗaya ne. Sai an nuna yadda ranar matar take kafin rashi, a nuna abin da ya lalace da abubuwan da ido ke gani, sannan a dawo da waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, a bar wa tsohon tsoro gurbinsa. Labarin da ya cika waɗannan sharuɗɗa ba ya bukatar ya faɗi cewa jarumarsa ta yi farin ciki, domin mai karatu zai riga marubucin ganewa.